Littafin Ƙaramar Tauraruwa: inda aiki ya kai

4 ga Fabrairu

Abin da muke haɗawa littafin kwali ne mai hotuna, na yaro ɗan shekara biyu zuwa uku, wanda za a karanta masa yana kwance, ya zama abu na ƙarshe kafin a rage fitila. Labarin na wata ƙaramar tauraruwa ce da ba ta son hutawa, har ta koya. Mun tsayar da girmansa a buɗi 12. Buɗi shi ne shafuka biyun da ke fuskantar juna idan an buɗe littafi, kuma da shi za mu riƙa lissafi, domin yaro ƙarami ba shafi yake gani ba, duk abin da ke gabansa yake kallo a tare.

Tsawon karatu shi ne ma'aunin farko. Shirin kwanciyar yaro, daga wanke jiki zuwa sauya kaya zuwa labari, yakan ɗauki minti 20 zuwa 30, kuma labari ɗaya bai kamata ya cinye fiye da minti biyar a ciki ba. Mai karatu da dare yana tafiya a hankali, yana tsayawa yaro ya taɓa hoto, yana jiran ɗan yatsa ya juya shafi. Idan aka sa wannan duka a lissafi, kalmomi kusan 250 ne ke cika minti huɗu zuwa biyar. Rubutun farko da ke hannunmu ya haura 600, don haka fiye da rabinsa zai fita.

11 ga Fabrairu

Kafin a taɓa yawan kalmomi akwai matsalar da ta fi shi girma, kuma tana cikin ƙashin labarin. Tauraro da dare yake fitowa. Yaro da dare ake so ya kwanta. A rubutun farko tauraruwar tana wasa dare duka, sai da asuba ta gaji ta yi barci, shafin ƙarshe kuma rana ce ke fitowa, tsuntsaye na kuka, sama ta yi rawaya. Ga babba wannan ƙarshe ne mai kyau. Ga yaron da ke kan gado saƙo biyu ne marasa amfani: na farko, jarumar labarin ta kwana tana wasa kuma ba abin da ya same ta, na biyu, hoton ƙarshe da aka bar masa a ido hoton tashi ne.

Mun duba mafita biyu muka ajiye. Ɗaya ita ce gajimare ya rufe ta kamar bargo a tsakiyar sama. Hoton yana da daɗi, amma gajimaren ne ya yi aikin, ita ba ta koyi komai ba, an dai lulluɓe ta. Ɗayar kuma ita ce haskenta ya dusashe har ya ƙare, wadda ke da haɗarin da za mu zo kansa nan gaba.

Mafitar da muka ɗauka daga sama kanta ta fito. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, shi ya sa taurari ke fitowa daga gabas suna gangarawa yamma kamar yadda rana ke yi. Tauraron da magariba ta same shi can ƙasa-ƙasa a yamma ba ya daɗewa, yakan ɓuya bayan tudu tun dare bai yi nisa ba, alhali na tsakiyar sama suna nan har tsakar dare. Ke nan akwai taurarin da ke riga sauran kwanciya, kuma gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Tauraruwarmu ɗaya daga cikinsu ce. Tana kwanciya da wuri, manya na nan a farke.

Wannan ya taɓa ainihin abin da ke damun ɗan shekara biyu a lokacin kwanciya. Sau da yawa ba barcin yake ƙi ba, barin wurin yake ƙi. Yana jin muryoyin manya a waje, yana ganin haske ta ƙarƙashin ƙofa, shi kaɗai aka cire daga cikin mutane. Labarin da ya ce masa kowa ya yi barci ƙarya yake yi masa, kuma kunnensa na shaida. Labarin da ya ce masa ƙanana suna riga manya hutawa, manya kuma suna nan suna tsaro, ya faɗi abin da ke faruwa a gidan a daidai lokacin.

19 ga Fabrairu

An raba labarin a kan buɗi 12. Na ɗaya da na biyu magariba ce, tauraruwa ta fito tana ƙyal-ƙyal tana tsalle. A na uku Wata ya ce mata lokacin hutawa ya yi, ta ce a'a. Daga na huɗu zuwa na tara tana gangarawa tana haɗuwa da masu hutawa guda uku, kowanne buɗi biyu. Na goma ta yi hamma ta kai bakin tudu, na goma sha ɗaya ta kwanta, na ƙarshe Wata ne a sama da tagar wani ɗaki a ƙasa.

Kalmomin ba a raba su daidai ba, kuma da gangan. Buɗi uku na farko kusan 28 kowanne, shida na tsakiya kusan 22 kowanne, biyu na gaba 12 kowanne, na ƙarshe ma 12. Jimla 252. Dalilin shi ne labarin rana hawa yake yi zuwa ƙololuwa sannan ya warware, na kwanciya kuwa daga sama yake farawa ya yi ta sauka. Duk abin da zai sa yaro dariya ko ya ɗaga kai dole ya ƙare a buɗi na uku. Bayan nan jimloli na gajarta, abin da ke faruwa na raguwa, muryar mai karatu ta bi su ƙasa ko bai shirya ba.

Maganar a'a ɗin nan mun tattauna ta sosai. Yaro a wannan shekarun yana cikin ganiyar cewa a'a, kuma yana son jin jaruma ta faɗe ta, a nan ne yake gane kansa a cikin labarin. Amma idan tauraruwa ta yi ta maimaita ta a kowane shafi, ita ce za ta zama amshin da yaro zai haddace ya riƙa mayar wa iyayensa. Mun bar ta sau ɗaya tak. Wata kuma ba ya faɗa, ba ya lallashi mai tsawo. Ga buɗi na uku yadda yake yanzu:

Wata ya dube ta ya yi murmushi. "Tauraruwa, lokacin hutawa ya yi." Ta girgiza kai. "A'a! Ban gaji ba." Wata ya ce, "To, gangara a hankali ki gani."

Ba a ce ta yi laifi ba, ba a ce abin da zai same ta idan ta ƙi ba. An ba ta hanya ta bi.

2 ga Maris

Makon nan ya tafi a kan tambayar yadda tauraruwa za ta koyi hutawa, tunda koyon shi ne zuciyar labarin. Rubutun farko da baki ya koyar da ita: Wata ya yi bayanin cewa hutu na sa haske ya ƙaru gobe. Bayanin gaskiya ne, yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24 har da na rana, ɗan shekara uku kuma 10 zuwa 13. Sai dai ɗan shekara biyu ba ya aiki da ribar gobe. Da kwaikwayo yake aiki. Abin da ya ga an yi da jiki, shi yake yi da jikinsa.

Saboda haka kowanne daga cikin masu hutawa ukun zai nuna mata abu ɗaya da ake yi da jiki, ta gwada, yaron da ke sauraro ma ya gwada ba tare da an umarce shi ba. Ɗan tsuntsu a sheƙa ya naɗe fukafukansa, ita ma ta naɗe tsinin haskenta, yaro ya janyo hannuwansa jikinsa. Fure ya rufe kansa da shigowar dare, yadda wasu furanni ke yi da gaske, ita ma ta lumshe. 'Yar kyanwa ta dunƙule, cikinta na ɗagawa yana sauka, ita ma ta ja numfashi ta saki. Ga na tsuntsu:

Ɗan tsuntsu na cikin sheƙa. Ya naɗe fiffike ɗaya. Ya naɗe ɗayan. Ya kwanta luf. Tauraruwa ta ce, "Haka ake yi?" Ta naɗe haskenta kaɗan.

Kalmar kaɗan tana da aiki a wurin. Hasken zai ragu mataki uku, kuma ba zai kai ga ƙarewa ba.

Bayan kowane gwaji amshi na zuwa, kalmomi 12, iri ɗaya kullum ba a sauya ko harafi:

Sannu-sannu, Tauraruwa. Sama na nan, Wata na nan, gobe ma kina nan.

Yana zuwa sau huɗu, a buɗi na biyar, na bakwai, na tara da na ƙarshe. Amfaninsa biyu ne. Yaro yana samun natsuwa idan ya san abin da ke tafe, kuma bayan 'yan darare shi zai riƙa ƙarasa layin da kansa. Sannan layin yana amsa tsoron da ba ya iya faɗa, cewa idan ya rufe ido abubuwa za su tafi. Mun zaɓi sautukan da kulawa. Farkon littafin cike yake da ƙyal-ƙyal da tsalle, sautuka masu fita da ƙarfi. Amshin kusan duk s ne da n da m da wasula, waɗanda ake iya faɗa da raɗa ba su lalace ba.

9 ga Maris

An tace rubutun don cire kalmomi biyu da babba ba ya ji amma yaro na ji. Muna cewa rana ta faɗi, kuma rubutun ya bi wannan ya ce tauraruwa ta faɗi bayan tudu. Ɗan shekara biyu faɗuwa ɗaya ya sani, wadda ake ƙuje gwiwa a yi kuka. Haka nan muna cewa fitila ta mutu, wani layi kuma ya ce haskenta ya mutu. Yaron da ya fara jin kalmar mutuwa a bakin manya bai kamata a haɗa masa ita da barci ba, ko da a kan haske ne, domin daga nan tsoron rufe ido ke iya samun gindin zama. Yanzu tauraruwa gangarawa take yi, ta sauka, ta kwanta, haskenta kuma lafawa yake. Wannan ne ma dalilin da ya sa tun farko muka ƙi tsarin da za ta dusashe har ta ɓace.

An kuma cire kura da ke leƙowa daga bayan itace a buɗi na shida. An sa ta ne don ɗan armashi, amma tsoron duhu yakan fara bayyana ne a daidai wannan shekarun, lokacin da tunanin yaro ya fara ƙirƙiro abin da ido bai gani ba. Ba ma son mu ba shi kayan aiki.

23 ga Maris

Zanen gwaji na fensir ya iso, buɗi 12 duka. Abu uku ke bukatar gyara.

Na farko Wata ne. An zana shi jinjiri, siriri mai ƙaho biyu, kamar yadda aka saba a littattafan yara. Amma jinjirin watan da ake gani da magariba shi ma a yamma yake, kuma bai daɗewa yake ɓuya. Idan amshi ya ce Wata na nan, kuma labarin ya dogara a kan cewa zai tsaya har safe, to cikakken wata ake bukata, domin shi ne ke fitowa daga gabas da faɗuwar rana ya kwana a sama. Yaro ba zai san bambancin ba, amma gyaran ya kawo riba a hoto: faffaɗar fuska mai zagaye ta fi ɗaukar murmushi, kuma haskenta ya ba mai zane hujjar hana shafukan ƙarshe yin baƙi ƙirin.

Na biyu wurin tauraruwa ne. A zanen tana yawo, yau sama gobe ƙasa. Muna so ta fara daga saman shafin hagu a buɗi na farko, a kowane buɗi ta ɗan matsa dama ta ɗan sauka, har ta kai kusurwar ƙasa ta dama a na goma sha ɗaya. Yaro zai riƙa nemanta da yatsa, idonsa ya riƙa bin ta ƙasa. A buɗi na shida hanyar ta bi ta tsakiyar littafi, inda shafuka ke haɗuwa, fuskarta ta faɗa cikin lanƙwasar. Za a matsar da ita aƙalla santimita biyu daga layin tsakiya.

Na uku yawan kaya ne. Buɗin kyanwa yana da taurari sama da ashirin, da ƙwari masu haske, da kwaɗo. Duk abin da aka zana, yaro zai nuna ya tambayi sunansa, kuma a littafin rana wannan alheri ne. A nan, daga buɗi na bakwai abin nunawa kada ya wuce uku a buɗi.

6 ga Afrilu

An manna rubutu da zanen a kan kwali aka ba wasu iyaye su karanta wa 'ya'yansu a lokacin kwanciya na gaske, darare da yawa a jere, domin daren farko ba ya nuna komai, sabon littafi kullum farkar da yaro yake yi. Mun roƙe su su lura da jikin yaron, ba da abin da ya ce ba: a wane shafi ya tashi zaune, a wane shafi ya karɓe littafin, a wane shafi ya koma baya.

Abin da ya fito fili shi ne jerin masu hutawa bai daidaita ba. Fure na zuwa na biyu, tauraruwa ta lumshe, yaro ya lumshe tare da ita, sai a juya shafi ga kyanwa, dole ya buɗe ido ya gan ta. Mun sa shi ya rufe ido sannan mun ba shi dalilin buɗewa. Jerin ya koma hannuwa, numfashi, sannan ido: tsuntsu, kyanwa, fure. Wannan ya ɗora sharaɗi a kan buɗi uku na ƙarshe, cewa dole su yi aiki da kunne kaɗai, kada a sami wani sabon abu a hoto da yaro zai ji ya rasa idan bai duba ba.

Tambayar da ke buɗi na goma ma ta fita. Layin ya ce, "Ina Tauraruwa za ta kwana?" Tambaya ga ɗan shekara biyu gayyata ce, zai ɗago ya amsa, ya nuna, wani ma ya kawo tasa shawarar. Tambayoyi yanzu sun tsaya a buɗi na huɗu da na shida, kuma tauraruwa ce ke yi wa kanta. Buɗi na goma ya zama:

Tauraruwa ta yi hamma. Doguwar hamma. Ga tudu nan kusa, mai laushi.

Hamma tana yaɗuwa tsakanin manya, amma a wajen yara 'yan ƙasa da shekara huɗu ba ta cika kamawa ba, don haka ba mu dogara da ita ta sa yaro hamma ba. Aikinta a kan mai karatu yake. Wanda ya karanta layin yakan yi hammar da gaske, muryarsa ta sassauta, sauran buɗi biyun su fito a hankali.

Numfashin kyanwa shi ya fi kowane sashe tasiri, amma sai an rubuta shi yadda zai tilasta jinkiri. Da aka rubuta shi jimla ɗaya, masu karatu sun wuce shi cikin daƙiƙa biyu. Yanzu layi huɗu ne, kowanne shi kaɗai da fili a tsakani: Ciki ya ɗaga. Ciki ya sauka. Ya ɗaga. Ya sauka.

20 ga Afrilu

Samfurin launi ya dawo daga maɗaba'a. Shuɗin dare da ya yi kyau a fuskar kwamfuta ya fito da duhu fiye da kima a kan kwali, kuma wannan abin da aka saba gani ne, domin fuskar kwamfuta haske take fitarwa, takarda kuwa sai wanda ta samu take mayarwa. A ƙarƙashin ƙaramar fitilar ɗaki, wadda a nan ne za a karanta littafin, buɗi uku na ƙarshe sun kusa zama baƙi, tudu da sama sun haɗe. Za a rage baƙin tawada a cikin shuɗin, a bar sama ta fi tudu haske a bakin layinsu. Daga yau duk samfurin da ya zo da dare za a duba shi, a hasken da iyaye za su yi amfani da shi.

Farin rubutu a kan shuɗi mai duhu shi ma ya ba da matsala. Tawadar da ke kewaye tana ɗan cin gefen haruffa, sirara suka ƙara sirancewa, lanƙwasar ƙ da ɗ ta kusa ɓacewa har ƙasa ta yi kama da kasa. Za a koma haruffa masu kauri, girman maki 22, kuma a tabbatar nau'in yana da ɓ, ɗ da ƙ nasa na asali, ba waɗanda kwamfuta ta aro daga wani nau'in ba.

Mun zaɓi leda marar sheƙi a kan shafuka, saboda mai sheƙi tana mayar da hasken fitila cikin idon mai karatu. Kusurwoyi za a zagaye su. Tunda yaro ɗan ƙasa da shekara uku zai sa littafin a baki, mun nemi maɗaba'a ta kawo takardar gwajin tawada da leda bisa ma'aunin kayan wasan yara, irin EN 71. Shawarar a yi tauraruwa da tawada mai haske a duhu mun ƙi ta. Sai an haska ta kafin ta yi aiki, kuma za ta mai da kashe fitila wasan a kunna a kashe.

4 ga Mayu

Rubutu ya tsaya a kalmomi 247, karatu kuma yana ɗaukar kusan minti huɗu da rabi. Buɗi goma sun kammala da launi. Biyu na ƙarshe ne ba a yanke hukunci a kansu ba.

Tambayar ita ce ko za a ga tauraruwa a buɗi na goma sha biyu. A zanen yanzu ta shige bayan tudu gaba ɗaya, Wata da taga kawai suka rage. Rahoton iyaye ya nuna wasu yara suna neman ta a shafin, ba su gan ta ba, sai su juya baya zuwa na goma sha ɗaya, daga nan kuma a sake sabon zagaye. Mai zane na ganin a bar ɗan haske mai laushi yana leƙowa daga bayan tudun, alamar tana nan. Mai gyaran rubutu na ganin ɗan haske bai isa ga ɗan shekara biyu ba, domin alama ce da sai an fassara, gara a yanka tudun a hoto a nuna ta kwance a bayansa, ido rufe, fuskarta duka a fili. Matsalar wannan ita ce yana maimaita hoton buɗi na goma sha ɗaya, kuma yana rage wa taga wuri.

Za a zana duka biyun, a manna su a kan kwali iri ɗaya, a raba wa iyayen da suka karanta na baya, rabi su fara da wannan rabi da wancan, sannan su yi musaya bayan mako guda. Abin da za a lura da shi ɗaya ne: bayan amshin ƙarshe, yaro ya bari a rufe littafin ko ya miƙa hannu ya juya baya. Maɗaba'a na jiran fayil ɗin ƙarshe, kuma ba za a tura ba sai wannan sakamakon ya dawo.